Rufe Tuwita a Ma'aunin Sashe na 45

Ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta sanar da dakatar da shafin Tuwita, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari. Hujjarta ita ce ana amfani da shafin wajen yi wa haɗin kan ƙasa zagon ƙasa.

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a ko haƙƙin wasu, amma da sharaɗi: sai ta hanyar doka, dokar ma wadda hankali zai ɗauka a ƙasar dimokuraɗiyya. Wannan daban yake da jingine haƙƙi a lokacin dokar ta-ɓaci, wadda ba a ayyana ba a kan wannan batu.

Don haka mai aunawa zai yi tambaya uku. Wace doka ce ta ba da izini? Manufar tana cikin waɗanda aka lissafa? Matakin bai wuce gona da iri ba?

Tun a tambayar farko gwamnati ta yi tuntuɓe, domin sanarwar dakatarwar da ministanta ya yi ba doka ba ce. Tsaro halattacciyar manufa ce, amma toshe bakin miliyoyin mutane sama da wata bakwai saboda saƙonnin wasu ya zarce buƙata, tunda ana iya gurfanar da masu tunzura jama'a ɗaya bayan ɗaya.

A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa dakatarwar ta saɓa wa doka, ta kuma umarci Najeriya kada ta sake.