Takardar HSG ta ce bututu biyu sun toshe. Shike nan an rufe ƙofa?

Maganar yau ta samo asali ne daga wata takarda da aka miƙo mini a Samaru. Wata 'yar'uwata ce, shekararta 27, shekara uku da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An tura ta wani wajen ɗaukar hoto a Sabon Gari, ta dawo da takarda mai ɗauke da kalmomi uku: "bilateral cornual block". Wata maƙwabciya ta fassara mata, wai mahaifarta ta toshe, ba ita ba haihuwa. Kafin magariba zancen ya isa kunnen dangin miji.

Ni ba likita ba ce, kun sani. Amma na raka ta asibiti, na yi tambaya har sai da na ga likitan ya fara duba agogo.

Da farko, ba mahaifa ce ke toshewa ba, bututu ne. Mace tana da guda biyu, dama da hagu, kowanne tsawonsa kamar santimita 10 zuwa 12. Ƙarshensa ɗaya yana manne da kusurwar mahaifa, ɗayan a buɗe yake kusa da ma'ajiyar ƙwai, da wasu 'yan yatsu masu cafke ƙwan idan ya fito. A cikin bututun nan ƙwai ke haɗuwa da maniyyi. Abin da ya fi lalata shi ƙwayar cuta ce da ta hau sama ta bar tabo: cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, wasunsu ba sa nuna wata alama, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari, ko tiyatar ciki, ko tarin fuka da ya sauka mara. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 1985 ya samu kusan rabin matan Afirka da suka je neman haihuwa bututunsu biyu a toshe. Kuma a lura, cutar saduwa mutum biyu ke da ita. Ina faɗa ne saboda masu nuna yatsa wuri ɗaya.

To yaya ake gwajin? Cikakken sunansa hysterosalpingography, kowa HSG yake cewa. Ana yin sa bayan jini ya ɗauke, kafin ƙwai ya fito, galibi rana ta 7 zuwa ta 10 idan an ƙirga daga ranar da al'ada ta fara. Dalili shi ne kada a yi shi a kan ƙaramin ciki, shi ya sa ake cewa a dakata da saduwa daga zuwan jinin har a gama. Idan akwai ciwon mara da zazzaɓi ko ruwa mai wari, sai an yi magani tukuna, don kada a tura cutar ciki.

Za ki kwanta, a buɗe gaba da ƙarfen dubawa, a zura siririyar roba ko ƙarfe ta bakin mahaifa, a tura wani ruwa da ke fitowa fari a hoto, kamar mililita 10 zuwa 20. Ana ɗaukar hoto yayin da ruwan ke cika mahaifa yana bin bututu. Idan hanya a buɗe take, zai tsiyaya ta ƙarshe ya bazu a mara, sai a rubuta "free spill". Duka aikin bai cika wuce minti 15 ba. Da zafi? Akwai, ba zan yi muku ƙarya ba, kamar murɗar al'ada mai ƙarfi. Maganin zafi awa ɗaya kafin a shiga yana ragewa.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne. Kalmar "cornual" tana nufin ruwan ya tsaya ne tun a bakin bututu, inda ya haɗu da mahaifa. Wajen nan tsoka ce zagaye da shi, ramin kuma siriri ne ƙwarai. Idan mace ta tsorata, ko ta ji zafi, ko an tura ruwan da ƙarfi, tsokar tana iya damƙewa, ruwa ya kasa wucewa alhali bututun lafiyarsa ƙalau. Wani lokaci ɗan majina ne ya tare. Akwai binciken da aka maimaita hoton ga matan da aka ce bututunsu ya toshe a wannan wuri, fiye da rabi aka tarar a buɗe. Saboda haka wannan sakamakon, shi kaɗai, bai isa a yanke hukunci ba.

Abin da likitan mata ya gaya mana ke nan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ya karɓi hotunan ya duba da kansa, bai tsaya kan takardar ba. Sannan ya yi tambayar da babu wanda ya yi a gida: an gwada maniyyin maigida? Ba a gwada ba. Gwaji ne mai sauƙi, ba allura ba ƙarfe, amma an bari mace ta sha zafin HSG tukuna. Wannan abu yana ci mini rai, gaskiya.

Wata na gaba aka sake hoton, bayan an ba ta maganin zafi da na sassauta tsoka. Bututun hagu ya cika, ruwa ya tsiyaya. Na dama ma ruwa ya shiga, amma ƙarshensa a rufe, ya kumbura kamar balan-balan. Shi ake rubutawa "hydrosalpinx". Wannan kam toshewa ce ta gaske, tsoka ba ta kwaikwayonsa.

Me hakan ke nufi? Bututu ɗaya mai lafiya ya isa a samu ciki. Matsalar ita ce ruwan da ya taru a kumburarren yana gangarowa mahaifa, yana hana ɗan tayi kamawa. Ko a IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar mahaifa, irin wannan bututu yana rage nasara kusan da rabi, shi ya sa ake cire shi ko a ɗaure shi. Ana yin haka ta tiyatar kyamara, laparoskofi, wadda kuma ke nuna abin da HSG ba ya gani: tabon da ya ɗaure bututu daga waje. Idan lalacewar kaɗan ce ana iya buɗe ƙarshen, amma yana iya sake rufewa, kuma haɗarin ciki ya zauna a bututu yana ƙaruwa. Idan biyun sun lalace sosai, IVF ce hanyar da ta tsallake bututu gaba ɗaya, kuɗinta kuwa ba na wasa ba ne.

Wata a sharhi za ta ce, to wankin mahaifa fa? Wankin mahaifa ba ya kai wa bututu, kuma ƙarfen da ba shi da tsabta sabon tabo zai ƙara. Matsi da tsimi ma ba sa narkar da tabo. Maganin ƙwayoyin cuta yana kashe cutar, ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta yi.

Bayan gwajin, ɗan ɗigon jini da murɗa na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Zazzaɓi, ko ciwon da ke ƙaruwa, ko ruwa mai wari, a koma asibiti a ranar, musamman mai kumburarren bututu. Ita ma saboda haka aka ba ta maganin ƙwayoyin cuta na 'yan kwanaki.

Maigidan ya je ya yi nasa gwajin, lafiya lau. Ita kuma an sa mata ranar tiyatar bututun dama, an ce bayan haka su gwada wata shida zuwa shekara kafin a yi zancen IVF. An kuma ja mata kunne: duk ranar da al'ada ta yi jinkiri gwaji ya nuna ciki, ta zo a yi sikanin da wuri a tabbatar a cikin mahaifa ya zauna.