Jawabin Gabatar da Ƙanwarmu Mai Ɗakin Ajiyar Wake, a Taron Sana'ar Matasa na Yalwa

 

Wadda za ta yi mana magana yau ba baƙuwa ba ce. Ƙanwarmu ce, a gabanmu ta girma, waɗansunku ma sun goya ta. Saboda haka ba za mu tsaya ba ku tarihinta ba. Abin da ta gina da hannunta shi za mu nuna muku, domin in ta tashi ku san tambayar da za ku yi mata.

Dukanmu mun san halin wake. Da kaka kowa yana da shi, kasuwa ta cika, kuɗinsa ya faɗi. In ka ce za ka ajiye zuwa bazara, kafin wata uku ka buɗe buhu ka tarar da huji da gari. Ƙwaron nan tun daga gona yake biyo waken. Macen takan manna ƙwai a jikin ƙwaya, su ne ɗige-ɗigen fari da mukan gani. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta shige ciki tana ci, cikin kamar wata guda ta fito ƙwaro, shi ma ya saka nasa ƙwai. Don tsoron haka mukan sayar da arha, ko mu zuba fiya-fiya a cikin abincin da 'ya'yanmu za su ci. Wannan dafin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015.

A kakar 2021 ƙanwarmu ta sayi buhu 5 na irin wanda aka rubuta wa PICS a jiki. Buhu ne mai hawa uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Marwa a ƙasar Kamaru suka fito da dabarar tun wajen ƙarshen shekarun 1980. Daga 2007 aka shiga yaɗa ta a ƙauyukan Afirka ta Yamma, kamfanin Lela Agro na nan Kano kuma yana cikin waɗanda suka fara yin buhun. Babu magani ko kaɗan a ciki. In an ɗaure sosai, ƙwarin da ke cikin waken su suke shanye iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, daga baya su bushe su mutu.

Ta cika buhunan a gaban mata a ƙofar gida, aka ɗaure, aka ajiye. Mu kanmu, gaskiya, cewa muka yi yarinta ce. Bayan wata shida ta sake tara mutane, ta ba wata tsohuwa ta kwance da hannunta. Wake ya fito sumul. Waɗansu suka ɗiba suka shuka, ya tsiro. A ranar aka fara ce mata, “Ki ajiye mini nawa.”

A nan ne sana'ar take. Ba sayen wake take yi ta ɓoye ba. Ajiya take yi wa mutane, ana biyan ta lada. Manomi ya kawo buhunsa, a auna a gabansa, kamar kwano 40. Ita ke ba da buhun mai leda, ita ke ɗaurewa, ita ke tsaro. Ladanta kwano 2 a kowane buhu, a ɗebe tun ranar. Ta rubuta sunansa da kwano 38 a littafi, ta rubuta lamba a jikin buhun, ta ba shi takarda mai wannan lambar. Ran da ya ga dama ya zo ya ɗauki kayansa, ko zai kai Dawanau ko zai ci a gida.

Mu yi lissafin tare. A kakar da ta ajiye buhu 60, ladanta kwano 120 ne, wato buhu 3 na wake. Daga ciki take biyan hayar ɗaki da yaran da ke taya ta, ta kuma sayi sabbin buhuna. A shekarar fari kuɗin buhu ya cinye kusan duk ribar. Amma buhun da aka kula da shi yakan yi kaka uku, don haka a shekara ta biyu da ta uku ne ladan ke zama nata. Ledar da ta huje ba ta sake sa wake a ciki, takan mai da ita ta wani aikin.

Ba ta so mu faɗi abin da ya same ta a 2022, amma mun roƙe ta ta yarda, gama a nan darasin yake. Buhu 4 suka lalace. Ɗaya ɓera ne ya huda shi, domin an jingina shi da bango. Iska ta shiga, ƙwari suka farfaɗo. Sauran ukun waken ne bai gama bushewa ba. Ledar da ke hana iska shiga ita ce kuma ke hana laima fita, da aka buɗe sai warin tsami, wake ya dunƙule ya yi fumfuna. Masu kayan ba su da laifi a wurinta, tun da ita ta karɓa ba ta gwada ba. Ta biya su kwano da kwano daga ladanta, shekarar ta tashi kusan hannu wofi. Da ta yi gardama a ranar, da yau babu ɗakin nan.

Tun daga lokacin ba ta karɓar wake sai ta gwada. Takan ciza ƙwaya, in ta fashe ƙas, ta bushe, in haƙori ya nutse, a koma shanya. In tana shakka sai ta zuba ɗan waken da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ta rufe, ta girgiza, ta bar shi ɗan lokaci. Gishiri ya manne a jikin kwalba, akwai sauran laima. Kowace leda kuma sai ta cika ta da iska, ta matse, ta saurara ko tana tsiyaya. Ana sheƙe waken a fid da ƙaiƙayi da tsinke, gama tsinke ɗaya ya isa ya huda leda. Wajen ɗauri, a matse iskar da ke saman, a murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure. Sa'an nan ta biyu, sa'an nan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa dabam. Buhunan suna kan katako, nesa da bango, inda rana ba ta dukan su, ɗakin kuma a share kullum don kada ɓera ya sami abin da zai kawo shi.

Waɗansu sun sha ce mata ta ci bashi ta sayi wake da yawa ta jira tsada. Ta ƙi. A 2025 farashin hatsi ya faɗi maimakon ya hau, 'yan kasuwa da dama da suka tara kaya suka yi asara. Ita ma darajar ladanta ta ragu, amma babu mai bin ta bashi, waken da ke ɗakin kuwa na masu shi ne.

Ta zo mana da buhu ɗaya da aka ɗaure tun kakar bara, ga shi nan a gaban tebur, ga kuma littafinta ga mai son dubawa. Muna roƙon Baba da ke zaune a gaba ya taimaka ya kwance mana shi in ta gama magana.

Ƙanwarmu, taso. Jama'a suna sauraronki.