RUBUTACCEN SHIRIN WANNAN MAKO: Za a duba idanu kyauta ranar Asabar

Yau da sanarwa na zo, amma ku ɗan ba ni aron kunnuwanku har ƙarshe, domin akwai bayanin da ya kamata ya biyo bayanta.

Ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, za a yi gwajin idanu kyauta a cibiyar lafiya ta unguwarmu, wadda ke bayan masallacin Juma'a. Za a fara ba da lamba da ƙarfe 8 na safe, a rufe layi da ƙarfe 2 na rana. Kati kyauta ne, gwaji ma kyauta ne. Layin mata daban, na maza daban, kuma tsofaffi za a fara gani. Ina cikin ma'aikatan jinya da za su yi aikin, to abin da za ku tarar a can ne zan faɗa muku.

Na san abin da wani zai ce: "Ni ai idona ƙalau, me zai kai ni?" To, Malam, kai ɗin nake nema. Mai yanar ido ya san yana da matsala, domin yana ganin duniya kamar cikin hazo, shi zai kawo kansa. Wanda ke damuna shi ne mai hawan jinin ido, abin da likitoci ke kira gilakoma. Irin wanda ya fi yawa a cikinmu ba ya ciwo, ba ya sa ido ja, ba ya ƙaiƙayi. A cikin ido akwai wani ruwa da ke shiga yana fita kullum. Idan mafitarsa ta fara toshewa sai ya taru, ya riƙa danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyar tana mutuwa kaɗan-kaɗan, daga ganin gefe take farawa, tsakiya sai daga ƙarshe. Shi ya sa mutum zai iya zura zare a allura alhali ganin gefensa ya yi nisa da lalacewa.

Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin mutum 100 da suka kai shekara 40, kusan 5 suna da wannan cuta, kuma fiye da 9 cikin 10 na masu ita ba su san suna da ita ba. Yanar ido ce ta fi makantar da mutane, hawan jinin ido na biye da ita. Bambancinsu kuwa babba ne. Yana, ana cire ta da tiyata gani ya dawo. Abin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa, sai dai a tsare wanda ya rage.

Bari in ba ku labarin wani bawan Allah da muka gani a irin wannan gwaji a baya. Direban adaidaita sahu ne, shekarunsa 52. Mahaifiyarsa ya kawo, yana tsaye yana jiran a sallame ta. Na ce, "Malam, tunda ka zo, zauna mu duba ka." Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, ni da nake hango fasinja tun daga nesa?" Da ƙyar ya zauna.

Muka fara da allon gwaji, wanda ake tsayawa nesa da shi mita 6, a rufe ido ɗaya a gwada ɗayan. Ya karanta har layin ƙasa da kowane ido. Sai aka ɗiga masa magani aka auna ƙarfin ruwan idon. A yawancin mutane awon yana tsakanin 10 da 21. Shi na dama 24, na hagu 34. Likita ya haska cikin idon da ƙaramar fitila ya duba kan jijiyar, ya ga ramin da ke tsakiyarta ya faɗaɗa sosai a hagu. Na tambaye shi, "Ba ka lura masu babur suna ɓullo maka ta hagu kamar daga sama ba?" Ya yi shiru, ya ce sau biyu ke nan a shekarar yana canza madubin hagu, shi kuma ya ɗauka gangancin yaran yanzu ne. Da muka bincika, mahaifinsa ma ya makance kafin rasuwarsa, aka ce tsufa ne.

Ba mu yanke masa hukunci a wurin ba, domin awo ɗaya ba ya isa. Akwai mai awo sama da 21 da jijiyarsa lafiya, akwai kuma wanda awonsa daidai amma cutar na cinsa. Takarda muka ba shi zuwa asibitin ido, aka yi masa gwajin faɗin gani, aka tabbatar, aka ɗora shi a kan maganin ɗigawa. Ganin gefen hagu da ya rasa bai dawo ba. Amma ba don ya zauna a kujerar nan ba, da sai idon ya kusa rufewa zai sani.

To su wa ya kamata su zo? Duk wanda ya kai shekara 40. Duk wanda aka taɓa samun makanta a gidansu, uwa ko uba ko ɗan'uwa, ko da bai kai 40 ba. Mai ciwon suga. Wanda ya taɓa buguwa a ido. Sai kuma wanda ya daɗe yana sayen maganin ƙaiƙayin ido a kemis yana ɗigawa ba da izinin likita ba, domin wasu daga cikin magungunan nan suna ɗauke da sinadarin da ke ɗaga ƙarfin ruwan ido idan aka jima ana amfani da su.

Idan za ku zo, ku taho da tabaranku in kuna da shi, da kwalbar duk maganin da kuke sa wa a ido, da katin asibiti na suga ko hawan jini. Mai asma ko ciwon zuciya ya faɗa mana tun farko, domin akwai maganin ɗigawa mai suna timolol da bai dace da shi ba. Wasu za a ɗiga musu maganin buɗe ƙwayar ido don a ga ciki da kyau. Wannan yana sa gani ya yi dishi-dishi, hasken rana ya dame ka na kamar awa 4 zuwa 6. Saboda haka mai mota ko babur ya bar abin hawansa a gida, tsoho kuma a haɗo shi da ɗan rakiya.

Kuma kada wani ya ce an yaudare shi: ranar gwaji ce, ba za a yi tiyata ba. Wanda aka ga matsala za a ba shi takardar zuwa asibitin ido. Don Allah kada takardar nan ta kwana a aljihu har ta yage. Wanda aka ce yana da yana kuma, ya kiyayi masu yawo gari-gari suna tura ta cikin ido da tsinke. Mun ga idanu da dama da aka kashe ta wannan hanya, waɗanda tiyata da ta gyara su.

Abu na ƙarshe: wanda idonsa ya yi ja farat ɗaya da ciwo mai tsanani, ga ciwon kai da amai, ko ganinsa ya ɗauke kwatsam, kada ya jira Asabar. Ya tafi asibiti a ranar.

Ku isar wa iyayenmu da ba su da waya, a faɗa a masallatai da islamiyyu. Sai mun haɗu ranar Asabar da ƙarfe 8. Allah ya ƙara mana lafiya. Wassalamu alaikum.