Katin Gayyata Mai Harshe Biyu: Yadda Za A Girmama Gida Biyu A Takarda Ɗaya

Yau hirar tamu a kan katin ɗaurin aure ce, irin wanda ake bugawa gefe ɗaya Hausa, gefe ɗaya Turanci. Wani zai ce ai kati ne kawai. To wallahi na ga katin da ya kusa sa baffan amarya ya ƙi zama a wurin ɗaurin aure.

Bari in ba ku labarin. Ƙanina ɗan Kura ne, manomin shinkafa a filayen noman rani da ke shan ruwan dam ɗin Tiga. Amaryarsa 'yar Bunkure ce. Yana da abokan ciniki daga Legas da Ibadan da ke sayen shinkafa a hannunsa, ba sa karanta Hausa, shi ya sa aka ce a yi harshe biyu. Mahaifin amarya ya rasu tun tana ƙarama, baffanta ne ya riƙe ta, kuma shi ne waliyyi.

Da aka turo samfurin katin ta waya, sai muka ga gefen Hausa ya kawo marigayi da baffa, amma gefen Turanci ya tsaya a "Late Alhaji Wane" saboda wai wuri ya yi kaɗan. Kafin mu farga, wani jika ya karanta wa tsohon. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi kawai, "Ashe a Turance ba ni da 'ya." Sai da iyaye suka taka har gida aka ba shi haƙuri.

Darasin da na ɗauka shi ne: sunaye da bayanai dole su zo daidai a gefe biyun, lafazi ne kaɗai zai bambanta.

Mu fara da sunaye. Duk wanda ya fito a Hausa, ya fito a Turanci, a jeri ɗaya. Idan kun sa Alhaji ko Malam ga uban ango, ku sa wa uban amarya nasa laƙabin, girman rubutu ɗaya. Sarauta kuma ba a fassara ta. Sarkin Noma ya zauna Sarkin Noma a gefen Turanci, don in ka juya shi ya zama abin dariya.

Sai lafazi. Turancin kati yana da tsayayyen salo: "The families of Late Alhaji Wane and Malam Wane, Bunkure, and Alhaji Wane, Kura, cordially invite you to the Wedding Fatiha of their children." Wannan ya isa, baƙo ya gane. Amma kada ku bi shi kalma da kalma zuwa Hausa, zai fito kamar takardar kotu. Ga yadda muka rubuta namu: "Iyalan Marigayi Alhaji Wane da ƙaninsa Malam Wane na Bunkure, tare da iyalan Alhaji Wane na Kura, suna farin cikin gayyatarku ɗaurin auren 'ya'yansu." Ku lura da abu biyu. Mun ce gayyatarku, ba gayyatarka ba, don katin zai shiga hannun dattawa. Sannan 'ya'yansu ta haɗa ango da amarya a matsayin 'ya'yan gida biyun, ba a ware naka da nawa ba. A ƙasa muka rufe da "Allah Ya ba da ikon zuwa, wanda bai samu dama ba ya sa mu a addu'a."

Na uku, rana da lokaci. Idan za ku sa kwanan watan Musulunci, ku tuna sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, don haka katin da aka buga da wuri zai iya saɓawa da kwana ɗaya. Maganinsa, ku rubuta ranar mako da manyan baƙaƙe a gefe biyun. Haka in Hausa ta ce bayan sallar Juma'a, ku sa wa Turancin ƙarfe nawa ne, da sunan masallaci da garin, don mutumin Ibadan bai san lokacin da limaminku ke tayar da salla ba.

Kafin a buga kuma, a kai samfurin gida biyun, a karanta wa waliyyai da baki, har gefen Turancin a fassara musu. Da mun yi haka, da baffa bai ji daga bakin jika ba.

Ku fa, a garinku sunan wane gida ake fara sawa, na ango ko na amarya? Ku faɗa mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.