Jarrabawar Lasin Ta Nas-nas Da Ungozomomi: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Wannan jawabi an shirya shi ne domin Hakimai da malaman ofisoshinsu, saboda su ne iyayen yara suka fi kai wa kuka in ɗa ya faɗi jarrabawa, su ne kuma ake tambaya ko wance da ke yi wa mutane allura a ƙauye tana da izni. Tun daga watan Satumba na 2025, dokar wannan jarrabawa ta sake, amma har yanzu mutane da yawa da tsohuwar suke aiki.

Wadda Ke Ba Da Izni

A Nijeriya ba makaranta ke mai da mutum nas ko ungozoma ba. Makaranta koyarwa kaɗai take yi. Mai ba da izni ita ce Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya, wadda ake gani a kan takardunta da haruffan NMCN. Asalinta hukuma biyu ne. Dokar ungozomomi ta fito a 1930, ta rajistar nas-nas kuwa a 1947, sa'an nan a 1979 aka haɗa su suka zama majalisa guda. Duk wanda ke aikin jinya a Asibitin Murtala, ko asibitin yara na Hasiya Bayero, ko ƙaramin asibitin ƙauye, in dai ana kiransa nas, lalle ne ya ci jarrabawar wannan Majalisa, an rubuta sunansa cikin rajistarta.

Wanda Ya Cancanci Zama

Ba kowa ke zama wannan jarrabawa ba, kuma mutum ba ya kai kansa. Makarantarsa ce ke gabatar da shi, bayan ya cika sharuɗɗa.

Na farko, kafin ya shiga makarantar, sai ya sami kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, watau Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri da Bayoloji. Waɗannan biyar kuwa ba a yarda a tattaro su daga zama fiye da 2 ba. Yaron da ya ci uku bana, ɗaya baɗi, ɗaya baɗin baɗaɗa, yana da biyar a hannu, amma a wurin Majalisa bai cika ba.

Na biyu, makarantar ta zama wadda Majalisa ta amince da ita, kamar makarantun gwamnatin Jihar Kano na Kano da Madobi da Ɗambatta, da ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kowace makaranta akwai yawan ɗaliban da aka ƙayyade mata. Makaranta ta aika da sunayensu, Majalisa ta duba takardunsu, ta ba kowane lambarsa. Wannan lamba ita ce shaidar Majalisa ta san da shi. Ɗalibin da ba shi da ita, ko ya shekara nawa yana sa fararen kaya yana zuwa aji, ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba.

Na uku, ya gama karatunsa, wanda ga cikakken nas ba ya kasa shekara 3, ya kuma ci jarrabawar share fage da makarantarsa ke yi kafin ta Majalisa.

Yawancin asarar da iyaye ke yi a sharaɗi na biyu take. Wani ya buɗe makaranta ba izni, ko mai izni ta ɗebi ɗalibai fiye da ƙa'ida, uba ya sayar da amfanin gona ya biya, sai a shekarar ƙarshe a ce babu sunan ɗansa. Hanyar ganewa ba ta da wuya. In yaro ya shiga shekara ta biyu, uba ya tambaye shi lambarsa ta Majalisa. In aka yi ta cewa gobe, jibi, to akwai magana. Malaman Hakimai kuma su lura da takardun da suke rubuta wa yara, na asali da na haihuwa. Suna da ranar haihuwa su dace da abin da ke cikin takardar sakandare harafi da harafi, gama saɓanin suna yakan tsai da rajista a daɗe ana kai da kawowa.

Yadda Jarrabawar Take

Jarrabawar kashi biyu ce manya. Akwai ta ilmi, wadda a yanzu a kan kwamfuta ake amsa ta. Akwai kuma ta aikin hannu, inda ɗalibi ke bin tasha tasha, a kowace a sa shi wani aiki, kamar awon jini ko wanke miki, mai jarrabawa na tsaye yana ba shi maki cikin ƙayyadadden lokaci. Makin ci 50 ne cikin 100. Ƙwazo a ɗaya kashin ba ya rufe rauni a ɗayan.

Majalisa ba kullum take zama ba. Ta cikakken nas sau 2 ake yi a shekara, cikin watan Mayu da na Nuwamba. Ta ungozomomi kuwa cikin Maris da Satumba. Saboda haka wanda ya faɗi, jiransa kamar wata 6 ne, ba kuwa wanda zai iya gajarta masa shi, ko Hakimi ko shugaban makaranta.

Tsohuwar Doka Da Sabuwa

A da, ɗalibi sau 3 kaɗai ke gare shi. In ya faɗi a zama na uku, sai a sallame shi daga karatun gaba ɗaya, shekarun da ya yi da kuɗin da aka kashe su tafi a banza. A farkon Satumba na 2025 Majalisa ta aika wa makarantu takarda ta soke wannan doka. Yanzu wanda ya faɗi wani kashi, wannan kashin zai maimaita, ya kuma yi ta maimaitawa har ya ci.

Amma sassaucin ya zo da sharaɗi. Ɗalibin zai ci gaba da zama ɗan makaranta, ya halarci a ƙalla kashi 80 cikin 100 na darussa da na aikin asibiti kafin a sake gabatar da shi. Har wa yau, duk faɗuwar da ya sake yi, a kan makarantarsa za a rubuta ta. Manufar wannan a fili take: kada makaranta ta ɗauki yara barkatai, ta kuma yi watsi da masu rauni. Ana iya tsammanin makarantu za su ƙara tsanani wajen jarrabawar share fage, tun da kowace ba ta son a ƙirga mata faɗuwa.

Misali

A ɗauki misalin wata yarinya 'yar unguwar Ƙofar Nassarawa, wadda ta cika sharuɗɗa duka, makarantarta ta gabatar da ita a watan Mayu. Sakamako ya fito, ta ci aikin hannu, amma a ta kwamfuta ta sami 46. Maki 4 ya hana ta. Ba za ta sake aikin hannu ba, ta kwamfuta kaɗai ke kanta, zamanta na gaba kuwa sai Nuwamba.

A nan ne gida kan yi kuskure. Uba ya ce tun da takarda ɗaya ce ta rage, ta dawo gida ta yi karatu a ɗaki, ko a ɗaura aurenta ta tare, in lokaci ya yi ta je ta rubuta. To, a ƙaddara kwanakin aji da na asibiti tsakanin zaman biyu 120 ne. Kashi 80 cikin 100 nasu kwana 96 ke nan, watau kwana 24 kaɗai take da ikon rasawa. In biki da tarewa suka ci mata kwana 30 na aiki, ta sauko 90, ba ta cika ba. Nuwamba ta wuce ta ba tare da ta ko ga takardar ba, sai ta jira Mayu. Jiran wata 6 ya zama na shekara guda.

In kuwa ta zauna a Nuwamba ta sake faɗuwa, ta zauna a Mayu ta kuma faɗi, a tsohuwar doka nan zancenta ya ƙare, shekara ɗaya tak bayan zamanta na fari. A sabuwa tana da Nuwamba mai zuwa. Sai dai kowane zama da kuɗinsa, ga abinci da kuɗin mota na wata 6, ga shi duk tsawon wannan lokaci ba ta da ikon ɗaukar aikin nas ko'ina. Uban da ya zo neman shawara, a yi masa wannan lissafi tun da wuri, don ya san abin da zai tanada.

Yadda Ake Yi A Wasu Ƙasashe

Nas-nas da yawa na ƙasar nan suna neman aiki waje, can ma sai sun sake jarrabawa. A Ingila, jarrabawar aikin hannu sau 3 ake yarda mutum ya gwada a kan takardar nema guda, da tazarar a ƙalla kwana 10 tsakanin gwaji da gwaji, in ya faɗi na uku sai ya jira wata 6 kafin ya sake nema. A Amirka ƙa'idar gama-gari ita ce jiran kwana 45 tsakanin zama da zama, ko da yake wasu jihohinsu suna ƙara nasu sharuɗɗa. Kowace ƙasa dai tana neman tsakiya ne tsakanin tausayin ɗalibi da tsaron ran majiyyaci.

Abin Da Ya Rataya A Wuyan Hakimi

Soke iyakar zama bai rage makin ci ba, bai kuma ba wanda ke jira iznin taɓa mara lafiya shi kaɗai ba. Wanda ya faɗi ya koma ƙauye ya buɗe ɗaki yana allura da ƙarin ruwa, yana cewa ai ya gama makaranta, ya karya doka, ran talakawa kuma yana cikin hatsari.

In irin wannan ya zo gaban Hakimi, takarda uku za a nema. Ta makaranta tana nuna ya yi karatu ne kurum. Ta rajistar Majalisa, mai lamba, ita ke nuna ya ci jarrabawa. Ta uku ita ce lasin na aiki, wanda ake sabuntawa duk shekara 3, sai malamin Hakimi ya duba ranar ƙarewarsa, ya kuma gwada sunan da ke kan takardun uku. Wanda ya kawo ta farko kaɗai, a sanar da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Wanda kuma aka sallama a ƙarƙashin tsohuwar doka ya zo neman taimako, kada a yi masa alkawari, a tura shi wurin shugaban makarantarsa, gama ta hannun makaranta Majalisa ke karɓar maganar ɗalibi.

Ana roƙon Hakimai su isar da wannan bayani ga dagatai da masu unguwanni, su kuma su gaya wa iyayen yara. Allah ya taimaki Sarki, ya ba ƙasa lafiya.