Yadda Ake Riƙe Lissafin Ƙungiyar Ajiya da Rance

Jama'a, rabon ƙarshen shekara ba ya yin daidai sai an rubuta kome a gaban kowa. Mu ɗauka zubi ɗaya Naira 500 ne. Kowane zubi, magatakarda zai buga hatimi ɗaya a littafin mai shi. Wanda ya karɓi rancen Naira 10,000 da ruwa biyar bisa ɗari, a rubuta ranar karɓa, da ranar biya, da ruwan Naira 500 kowane wata.

Ran rabo, bayan an karɓo basussuka duka, sai a ƙidaya kuɗin akwati. In Naira 600,000 ne, hatimai kuma 1,000, kowane hatimi ya tashi Naira 600. Mai hatimi 40 zai karɓi Naira 24,000. In kuwa kuɗin akwati ya saɓa wa littafi, kada a raba sai an gano dalili.