Zanen jakin dawa da ƙudan da ke cizon shanunmu

Ga jawabin filinmu na makiyaya na wannan mako, mun buga shi saboda wanda bai samu saurare ba.

Maganarmu ta yau a kan jakin dawa ce, wato dabbar nan mai siffar jaki wadda jikinta duk ratsin baƙi da fari ne. Na san wani zai ce, to Malam, ina ruwanmu da jakin dawa? Da gaskiyarka. Babu shi a dajinmu, ko a gandun Panjari ba ka ganinsa. Gidansa gabashi da kudancin Afirka ne, su Kenya, Tanzaniya, Habasha, Namibiya. Amma ka yi haƙuri ka bi ni, don ƙarshen zancen a garkenka zai sauka.

Tambayar ita ce, wane amfani wannan zane yake yi masa? Masana sun fi shekara 150 suna ja-in-ja a kanta. Magana ta farko da aka kawo ita ce ɓuya: wai ratsin yana sajewa da ciyawa da inuwar itace, zaki ya kasa ganinsa. Tun 1871 wani Bature masanin halittu, Charles Darwin, ya ce shi bai ga yadda irin wannan zane zai ɓoye dabba a fili fetal ba. A 2016 kuma aka auna ƙarfin idon zaki da na kura, aka tarar idan nisa ya wuce kamar mita 50 da rana, ko mita 30 da magariba, ba sa iya rarrabe ratsin, dabbar toka-toka kawai suke gani kamar kowane jaki. A daren da babu farin wata sai an matso kusan mita 9. Kai da ka san dawa, ka san kurar da ta iso mita 9 ta daɗe da jin wari da motsi. Ga shi kuma zaki yana cin jakin dawa sosai, zanen bai hana shi ba.

Wasu suka ce don su riƙa gane junansu ne, tunda kowane ɗaya da irin zanensa. Wannan ba sai mun daɗe a kanta ba. Dawaki da jakuna ba su da ratsi, amma goɗiya ba ta ɓatan ɗanta.

Magana ta uku ta fi waɗannan nauyi, ita ce ta sanyaya jiki. An ce baƙin ratsi ya fi farin ɗaukar zafin rana, to bambancin yana sa 'yar iska ta riƙa kaɗawa a kan fata. Gaskiya ne baƙin ya fi zafi, an auna a Kenya. Kuma a 2015 wani bincike ya nuna jakunan dawa na wuraren da suka fi zafi sun fi cikakken zane. Sai dai a 2018 wasu masana a ƙasar Hangare suka cika duro-duro da ruwa, suka lulluɓe su da fatu iri-iri, baƙa, fara, mai ruwan toka da ta jakin dawa, suka bar su a rana suna auna zafin ruwan. Mai baƙar fata ya fi zafi, mai fara ya fi sanyi, na jakin dawa kuwa bai fi mai ruwan toka sanyi ba. Masu wannan ra'ayi suna cewa duro ba ya gumi, dabba kuwa tana yi, kuma suna da hujja a nan. Amma ka lura da abu guda: inda zafi da laima suka yi yawa, nan ne ƙuda yake yawa. Ƙila abin da aka ɗora wa zafi aikin ƙuda ne.

To ga mu a kan ƙuda, kuma nan ne shaida ta fi yawa. Tun 1981 wani mai suna Jeffrey Waage ya gwada a Zimbabuwe, ya ga tsando ya fi zuwa kan abin da aka yi wa launi ɗaya a kan mai ratsi. A 2014 Tim Caro na jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa suka ɗauki taswira, suka sa inda kowane irin jakin dawa da dokin daji da jakin daji yake zaune, suka gwada da inda zaki yake, inda kurmi yake, inda zafi yake, da inda bobuwa take yin watanni tana damun dabbobi. Abin da ya fi dacewa da yawan ratsi shi ne bobuwa. Suka kuma lura gashin jakin dawa gajere ne, bakin ƙuda yana isa fata cikin sauƙi.

Amma gwajin da ni ya fi gamsar da ni shi ne na 2019, a wata gonar dawaki a Ingila inda ake ajiye da jakunan dawa 3 tare da dawaki. An zauna ana kallo, ana kuma ɗaukar bidiyo. Daga nesa bobuwa tana zuwa wajen jakin dawa kamar yadda take zuwa wajen doki, tana kewaya su duka. Wato zanen ba ya hana ta zuwa. Wajen sauka ne abin yake ɓaci. Idan za ta sauka kan doki sai ta rage gudu, ta miƙa ƙafafu, ta zauna. A kan jakin dawa kuwa ba ta taka birki, sai ta wuce, ko ta yi karo da shi ta faɗo baya, kamar direban da ya shigo tasha bai ga bango ba. Saukar da ta yi a kan jakunan dawa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na wadda ta yi a kan dawaki ba.

Mai wayo zai ce, ai ƙila wari ne, ko kaɗa wutsiya. Su ma sun yi wannan tunani. Sai suka ɗauki dawakin nan suka sa musu riga, wani lokaci baƙa, wani lokaci fara, wani lokaci mai ratsi. Doki ɗaya ne, warinsa bai sāke ba, riga kawai aka sauya. Ƙuda ya ragu ƙwarai a kan riga mai ratsi, amma a kan dokin, inda rigar ba ta rufe ba, yana sauka yadda ya saba. Ka ga ke nan da ido abin yake aiki, kuma sai an zo kusa. Yadda ratsin yake rikita idon ƙuda, har yanzu masana suna gardama. A 2020 an gwada riga mai zanen dara, ita ma ta hana sauka, wato ba dole sai ratsi dogo ba. Abin da ya bayyana shi ne ƙuda yana son faffaɗan wuri mai duhu, idan aka yayyanka duhun da fari sai ya ruɗe. Shi ya sa tarkon tsando da ake kafawa a bakin rafi ake yinsa da yadi shuɗi da baƙi, don ya jawo shi. Kuma kai da kanka ka sha gani, a garke ɗaya baƙar saniya ta fi farar Bunaji shan cizo.

Yanzu ga inda na ce zancen zai sauka. A lardin Aichi na ƙasar Japan, Tomoki Kojima da abokansa suka ce bari su gwada a kan shanu. Sun ɗauki baƙaƙen shanu 6. Kowace saniya an gwada ta iri uku: ba fenti, da ratsin baƙin fenti, da ratsin farin fenti mai faɗin santimita 4 zuwa 5, kamar faɗin yatsu uku. Me ya sa baƙin fenti a kan baƙar saniya? Don a gane ko warin fentin ne yake korar ƙuda. Aikin zana saniya guda bai wuce kamar minti 5 ba. Aka ɗaure su, aka riƙa ɗaukar hoto ana ƙirga ƙudan da ke jiki da ƙafafu. Wadda ba fenti, an samu wajen 128. Mai baƙin fenti, wajen 111. Mai farin ratsi, wajen 55. Ya ragu da rabi ke nan. Kaɗa wutsiya da buga ƙafa da girgiza kai su ma sun ragu da kamar kashi 20 cikin 100. Makiyayi ya san ma'anar wannan: saniyar da ta yini tana faɗa da ƙuda ba ta kiwo da kyau, da yamma kuma a ƙwarya ake gani.

To amma, 'yan'uwa, kada wani ya tashi gobe ya ce rediyo ta ce fenti ya maye gurbin allura. Shanu 6 ne kawai, ba garke ba. Baƙaƙe ne, ratsin fari ya fito sosai a jikinsu, naka kuwa ƙila farare ne ko jajaye. Yawancin ƙudan da suka ƙirga irin ƙaramin nan ne mai kama da ƙudan gida da ke cizon ƙafa, ba tsandon bakin Weme ba. Fentin kuma cikin 'yan kwanaki yake gogewa, balle da daminarmu. Mafi girma duka, sun ƙirga ƙuda ne, ba su ƙirga ciwo ba. Sammore ba ya bukatar cizo ɗari, tsando guda mai ɗauke da cutar ya isa. Kaska kuwa ba tashi take yi ba, daga ciyawa take hawa, ba ruwanta da zane. Saniyar da ta fara ramewa, gashi ya tashi, ido yana hawaye, dasashi ya yi fari, likitan dabbobi take bukata.

Wanda yake son ya gwada, ga yadda zai yi don kada ya ruɗi kansa. Ka zaɓi shanu biyu masu duhun jiki, girmansu ɗaya. Ka yi wa ɗaya ratsi da farar ƙasa da aka dama da ruwa, daga gadon baya zuwa ciki, har ƙafafu, don nan ƙuda ya fi taruwa. Kada ka kusanci fentin mota ko na ƙofa, saniya tana lasar jikinta, 'yar'uwarta ma tana lasarta. Ka ɗaure su wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ka ɗauki hoton gefe guda da wayarka sau da yawa, ka ƙirga. Bayan kwana uku ka wanke, ka yi wa ɗayar. Wannan musanya ita ce gwajin, domin akwai saniyar da ƙuda yake so tun asali. Idan ƙudan ya bi wadda ba ta da zane duk sau biyun, ka ga wani abu. Idan ya nace wa saniya ɗaya ko da zane ko babu, to zanen bai yi aiki a wajenka ba. Ka kuma duba ko kora ƙudan kawai ka yi zuwa kan maƙwabciyarta, domin idan haka ne garken bai ci riba ba.

Ku kuma dillalai da masu kai shanu kasuwar Turu ko Kolokonde, a wanke dabba tas kafin a shiga kara. Mai saye idan ya ga fari-fari a jiki zai ɗauka kirci ake ɓoye masa, kuɗi ya faɗi tun kafin a buɗe baki.

Wanda ya gwada a wannan damina, ya aiko mana da launin shanun, da wurin da ya ɗaure su, da adadin da ya ƙirga kafin musanya da bayanta. Za mu karanta a filin, in Allah ya yarda.